Rubutun jikin kwalbar maganin feshi ya ƙi haɗuwa layi guda, ina mafita?

Sani_Garka: Salamu alaikum ƴan gida. Ina taimaka ma wata ƙungiyar manoman albasa nan Tawa. Aikina shi ne in tattara abin da ke rubuce jikin kwalaben maganin ƙwari da suke saye, in sa a kwamfuta, daga baya mu mayar da shi Hausa don waɗanda ba su jin Faransanci. Kwalabe sun kai 70, shi ya sa nake so in ɗauki hoto manhaja ta karanta mini, ba in zauna ina bugawa da yatsa ba. Ga inda na cije. Akwai wata ƙaramar kwalba, faɗinta santimita 6, layin da ke faɗin yawan maganin ya kusa zagaye ta. Na ɗauki hoto biyu, na ba Tesseract, manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, ga abin da ya fito:

```
se conseill6e : diluer 40 ml de produit dam|
5 litres d'eau, pulv6riser t6t le matin ou Ie s
```

Da na haɗa sai ya zama lita 5 na ruwa. A jikin kwalbar kuwa lita 15 ne. Allah ya sa na duba da ido. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Baba_Galmi: Wa alaikumus salam. Yaro, ka ko san abin da ka kusa yi? Maganin famfo guda mai lita 15 ka zuba cikin lita 5, ƙarfinshi ya ninka uku ke nan. Mu da munka tsufa cikin garka mun ga ganyen albasa ya ƙone kan abin da bai kai haka ba. Jiƙa takardar da ruwa ka ɓanɓare ta, ka shimfiɗa bisa tebur, ka ɗauki hotonka. Mi ya kawo wahala?

Sani_Garka: Baba, na yi tunanin haka. Kwalaben ba nawa ba ne, na masu shago ne, aro nake yi in mayar. Wa zai sayi magani ba takarda? Wasu kuma robar an manna ta ne ta kama jikin kwalbar kam-kam, ba ta fita sai an yanka.

Moussa_Butik: Ai wannan mai sauƙi ne. Sauke manhajar da ke karanta zanen layi-layin nan na baya, wanda ake haskawa a kanti. Ni a shagona na Wadata da ita nake aiki, ko gwangwanin madara ko na tumatir ba ta taɓa kuskure ba.

Hadiza_Yamai: Yaya Moussa, ba shi yake nema ba. Zanen nan lamba ce kawai mai adadi 13, ba ya ɗauke da bayanin yadda ake haɗa magani. Amma ka tuna mini wani abu: duba ƙananan gwangwanaye, sau da yawa za ka ga an kwantar da zanen kamar tsani, don kada lanƙwasar gwangwanin ta matse layukan. Masu buga takardar sun san matsalar da Sani yake fama da ita.

Sani, laifin ba na Tesseract ba ne. Abin da kake gani a hoto ba tsawon takardar ba ne, inuwarta ce. Harafin da ke tsakiyar kwalba yana fuskantarka, kana ganin faɗinsa duka. Wanda ya karkata gefe yana ba ka kafaɗa ne, tsayinsa na nan amma faɗinsa ya ragu. Ragin yana bin `cos θ`, inda θ ita ce yawan karkatar daga tsakiya. Mu ce kwalbarka ta ci fiksel 1200 a faɗin hoto, wato fiksel 20 kowace milimita. Harafi mai milimita 1.5 zai samu fiksel 30 a tsakiya. A digiri 45 ya koma 21, ana karantawa lafiya. A digiri 60 saura 15, rabi ke nan. A digiri 75 bai kai 8 ba, nan ne `ns` ke narkewa ya zama `m`, lambar 1 kuma ta zama sanda.

Yanzu auna mini tsawon layin da tef ɗin tela, a jikin kwalbar.

Sani_Garka: Santimita 14, Anti. Zagayen kwalbar duka kuma ya kusa 19.

Hadiza_Yamai: To ka gani. Santimita 14 cikin 18.8 ya kai wajen digiri 267 na zagayen. Ka raba shi hoto biyu, kowane hoto ka ɗora masa digiri 133, wato 67 hagu 67 dama. Mahaɗar ta faɗo daidai inda haruffa suka riga suka mutu a hotunan biyu, kuma rashin sa'a lambar 15 na zaune a nan. Hoton farko ya ga 1 ya ɗauka gefen kwalba ne, na biyu ya fara daga 5.

Ila_Foto: Ni mai hoto ne, ban san lissafinku ba, amma me ya hana shi amfani da fanorama ta waya? Ya riƙe wayar ya riƙa juya kwalbar, ita ta ɗinke da kanta.

DanAdar227: Na gwada wannan da kwalbar siro ta yarona. Wayar ta yi ta cewa in matsa, in matsa, daga ƙarshe ta ba ni hoton bango da rabin kwalba. An gina fanorama ne kan cewa kai kake juyawa duniya na tsaye. Wayar na jin motsin kanta, tana kuma kallon bayan hoton. In kwalba ce ke juyawa bango na tsaye, sai ta rikice.

Ni shawarata OpenCV. Ka ba `cv2.getPerspectiveTransform` kusurwa huɗu na takardar da inda kake so su koma, abin da ya fito ka ba `cv2.warpPerspective` ya miƙar maka da ita. Da shi nake gyara hoton rasit da katin shaida.

Hadiza_Yamai: Kan fanorama ka yi gaskiya. Kan na biyun kuwa a'a, ƙanena. Wannan yana gyara abu shimfiɗaɗɗe da aka ɗauka a karkace, kamar rasit ɗinka. Layi miƙaƙƙe ya shiga, miƙaƙƙe zai fito. Ba zai iya buɗa gefuna biyu ya bar tsakiya yadda take ba, alhali abin da kwalba ke bukata ke nan. Abin yi shi ne `cv2.remap`. Ka gina sabon hoto, kowane tsaye na fiksel ka tambayi inda yake a tsohon hoton:

```
R  = (dama - hagu) / 2
cx = (dama + hagu) / 2
s  = np.arange(-0.8*R, 0.8*R)
mx, my = np.meshgrid(cx + R*np.sin(s/R), np.arange(hoto.shape[0]))
fili = cv2.remap(hoto, mx.astype(np.float32),
                 my.astype(np.float32), cv2.INTER_CUBIC)
```

`hagu` da `dama` su ne inda gefunan kwalbar suke a hoto. Lambar 0.8 ɗin nan tana nufin kusan digiri 45 kowane ɓangare, sauran na zubar da shi da gangan. Kwalbar ta tsaya tsaye cak a hoton, in ta jingina sai an fara miƙar da ita.

DanAdar227: Me ya sa za ki zubar? In lissafin na buɗa gefe, ki sa 1.4 ki kwashe kusan rabin kwalbar a hoto guda. Hoto uku sun gama aiki.

Hadiza_Yamai: Gwada ka gani. Buɗawa ba ta dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Harafin da ya samu fiksel 5 in ka ja shi ya kai 30, abin da za ka samu tabo ne mai faɗi. Kuma can gefe kuskure kaɗan a awon `hagu` ko `dama` yana zama babba, domin fiksel ƙalilan ne ke ɗauke da digiri masu yawa. Ga yadda za ka gane awonka ya kauce: nemi harafin `o` ko tambari mai da'ira a sabon hoton. In na hagu sun yi ƙiba na dama sun rame, tsakiyar da ka ba shi ba ita ba ce. In duka gefunan biyu sun fi na tsakiya faɗi ko sun fi su ramewa, `R` ne ba daidai ba.

MalamaRabi: Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ni abin da ke damuna kwanan lalacewa ne na ƙasan gwangwani, wanda aka buga da ɗigo-ɗigo. Idona ya fara rauni, waya kuma ba ta karanta shi. Wannan lissafin zai yi mini?

Ila_Foto: A'a Malama, naki daban ne. Gindin gwangwani a shimfiɗe yake, ba lanƙwasa. Matsalarki ƙyallin ƙarfe ne da ɗigon da ba su haɗe ba. Kashe filasha, ki koma inuwa, ki ɗan karkata gwangwanin har ƙyallin ya kau daga kan lambobin.

Kuma Sani, kai ma wannan ta shafe ka. Kwalba mai sheƙi kullum tana da farin zane tsaye daga sama har ƙasa inda haske ya doke ta. In ka kunna filasha zanen zai zauna a tsakiya, daidai wurin da Hadiza ta ce shi ne mai kyau. Ranar Tawa kuwa ba sai an faɗa ba. Shiga zaure ko ƙarƙashin rumfa, haske ya zo daga ƙofa ta gefe, ƙyallin ya faɗa can wajen da za a yanke a yar.

Sani_Garka: Na gode. Na gwada lambobin Anti Hadiza daren jiya. Haruffan sun miƙe, amma ga sabuwa: layukan da ke saman takardar sun yi baka, tsakiyarsu ta ɗaga, bakinsu ya sauka. Na ƙasa kuma akasin haka. Da na yanki layi guda in ba Tesseract da `--psm 7`, sai wutsiyar layin sama ta shigo ciki.

Hadiza_Yamai: Wayar na kusa da yawa. Nawa ne tsakaninku?

Sani_Garka: Kamar taƙi guda.

Hadiza_Yamai: Shi ne. Mu ce santimita 17 daga ido zuwa gaban kwalba. Wurin da ya karkata digiri 45 ya fi tsakiya nisa da kusan santimita 0.9, wato kashi 5 cikin 100. Abin da ya fi nisa yana matsowa tsakiyar hoto. Layin da ke santimita 4 sama da idon kyamara, bakinsa zai sauka da milimita 2, tsayin harafi guda ke nan, dole ya taka layin ƙasa. Layin da ke daidai da idon kyamara shi kaɗai ke fita miƙe. Lissafin da na ba ka ma ya ɗauka daga nesa ake kallo. Daga taƙi guda, wurin da ke digiri 45 yana ɗaukarsa 51. Ja da baya zuwa santimita 60 daga tsakiyar kwalbar, bakan zai ragu zuwa milimita 0.6, kuskuren kwanar kuma digiri 2.

Ila_Foto: Nan zan ja da ke, Hajiya. Santimita 60 da wace waya? Irin wayoyinmu mai ido guda, jawo hoto da yatsa yanka ne kawai, ba ya ƙara komai. Na ajiye kwalba yanzu a situdiyo na gwada da tawa mai fiksel 4000 a tsawo. A santimita 60 harafi mai tsayin milimita 2 bai wuce fiksel 11 ba. Kin gyara baka kin kashe rubutu. A santimita 35 na samu kusan 18. Ni a nan zan tsaya, kuma in daidaita idon wayar da layin da na fi bukata, ba da tsakiyar kwalbar ba. Littafi biyu ko uku ƙarƙashin kwalba sun isa ɗaga ta.

Hadiza_Yamai: Na karɓa. Wayata na da ido na biyu mai jawo nesa, na manta ba kowa ba. Sani, bi ta Ila.

Baba_Galmi: Ni dai ina kallo. Tun jiya da ka zauna da biro da ka kwahe kwalba goma.

Sani_Garka: Baba, wallahi ka yi gaskiya ta wani gefen. Amma kowane wata sababbin kwalabe ke shigowa daga Ƙonni da Yamai, in na gyara hanyar sau ɗaya na huta. To saura babbar tambayar da na fara da ita. Hoto nawa, kuma yaya zan haɗa su?

Hadiza_Yamai: Kowane hoto na ba ka digiri 90 mai kyau. Kada ka juya kwalbar digiri 90, juya ta 60, don digiri 30 su maimaitu a hoton gaba. A kwalbarka wannan santimita 1.6 ne, haruffa goma ko goma sha ɗaya. Wannan maimaicin shi ne zaren ɗinkin. Layinka hoto huɗu za su rufe shi da ƙyar, ni dai shida nake ɗauka in zagaye kwalbar duka in huta da tunani.

MalamaRabi: Wannan kam zan iya taimakawa, shekara 22 ina koyar da lissafi a firamare. Ba ka bukatar ma'aunin kwana. Ɗauki kompa na ƴan lakkol ka zana da'ira a kwali. Kada ka taɓa buɗinsa, ka dasa tsinin a bakin da'irar ka yi alama, ka matsa kan alamar ka sake. Alama shida za ka samu daidai wa daida, digiri 60 tsakaninsu. Zana gindin kwalbar a tsakiya, ka ɗiga alli a ƙasan kwalbar, kowane hoto ka kai ɗigon kan alama ta gaba. Wayar kuma a jingine ta da wani abu, kada hannu ya riƙe.

Ila_Foto: Malama ta gama magana. Tunda ana juyawa, akwai tsohuwar dabara tamu ta masu hoto. A shekarun 1970 wani Ba'amurke, Justin Kerr, ya yi suna da ɗaukar zanen jikin tukwanen mutanen Maya ta haka: tukunya na juyawa bisa faifai, fim na wucewa ta bayan siririyar tsaga, zanen ya fito a shimfiɗe. Da bidiyo ana iya kwaikwayo. In kwalba ta zagaya cikin daƙiƙa 12, bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa zai ba ka hoto 360, digiri guda kowanne. Ka yanki siririn tsakiya na kowanne ka jera. Ba lissafin lanƙwasa, ba mahaɗa.

DanAdar227: Da kyau a baki. Na gwada bisa tire ina juyawa da hannu. Inda hannuna ya yi sauri haruffa sun matse, inda ya yi sanyi sun ja kamar cingam, har da `e` biyu a wuri guda. Sai da faifai mai mota mai tafiya ɗaya, kuma kwalbar ta zauna daidai cibiya. Bidiyo ma bai kai hoto kaifi ba.

Sani_Garka: Na bar bidiyo. Na yi kwalin Malama, santimita 35, cikin zaure. Ga layin daga hotuna huɗu da suka ɗauke shi:

```
Dose conseill6e : diluer 40 ml de
er 40 ml de produit dans 15 litre
ns 15 litres d'eau, pulv6riser t
lvériser t6t le matin ou le soir
```

Lambar 15 ta fito sau biyu cikakkiya! Na rubuta ɗan abin da ke neman inda ƙarshen guntu ya yi daidai da farkon na gaba. Na farko da na biyu sun haɗu a `er 40 ml de`, na biyu da na uku a `ns 15 litre`. Na uku da na huɗu sun ƙi, saboda ɗaya ya ce `6` ɗaya ya ce `é`.

Hadiza_Yamai: Madalla. Wannan `6` ɗin alama ce da Turanci yake karanta maka. Sa `-l fra`, in fayil ɗin Faransancin ba ya kwamfutarka ka sauke shi. Duk da haka kada ka dogara kan sai sun yi daidai harafi da harafi, wata rana ƙura ko ƙyalli za su canja ɗaya. Yi amfani da `difflib`:

```
m = SequenceMatcher(None, a, b, autojunk=False).find_longest_match(0, len(a), 0, len(b))
layi = a[:m.a] + b[m.b:]
```

A naka zai kama `riser t`, haruffa bakwai, ya isa. Sai dai ka sa masa sharaɗi biyu. Abin da ya kama kada ya gaza haruffa shida, kuma ya kasance a ƙarshen guntun farko da farkon na biyu. In ba haka ba, Faransanci cike yake da `de` da `le`. Dubi layinka, `le` sau biyu a ƙarshe. Ranar da mahaɗa ta faɗo nan zai iya ɗinke `le` na farko da na biyu, ya haɗiye `matin ou`, ya ba ka jimla mai kyau wadda ba ita ke jikin kwalba ba. Wannan ya fi `dam|` haɗari, domin `dam|` kowa ya gani ya san shara ce. In sharaɗin bai cika ba, ya tsaya ya kira ka, kada ya manna da ƙarfi.

DanAdar227: Ni har yanzu ina ganin a ɗinke hotunan da aka miƙar su zama doguwar takarda guda, sannan a karanta sau ɗaya. Tunda an san digiri 60 ne, an san fiksel nawa za a matsa. Kuma hakan na magance wani abu da ba ku taɓo ba: takarda mai layi goma, wasu gajeru. A hoto na uku gajerun sun ƙare, layi na biyar ya zama na uku, ka haɗa kan wannan da wutsiyar wancan.

Hadiza_Yamai: Maganar layuka gaskiya ce. Ni ina warware ta da tsayi: tunda waya da kwali ba su motsa ba, kowane layi na nan a tsayinsa cikin dukan hotunan, kuma Tesseract na ba da wurin kowace kalma in ka ƙara `tsv` a ƙarshen umarnin. Ɗinkin hoto kuwa, juyin hannu bisa ɗigon alli na iya kaucewa digiri 2, milimita guda ke nan, kusan harafi. A mahaɗa sai harafi ya ɓace ko ya zama biyu, kuma ka rasa karatu biyun da ke ba ka damar gwada lamba da lamba. Sai ka ƙara matakin daidaita hotunan da kansu. Ana yi, ban ce ba a yi ba.

DanAdar227: Zan gwada hanyoyin biyu kan kwalba guda ranar Lahadi mu gani.

Baba_Galmi: Ku gwada. Amma Sani, lambar da ta shafi awo, ko ta kwanakin da ake jira kahin a cire albasa, ko lambar amincewa ta CSP, kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance maganin ƙwari, ka duba da idonka bisa kwalbar kahin ka ba mutane. Inji ba ya shan albasar.

Sani_Garka: In sha Allah, Baba. Na sa duk layin da ke da lamba ya fito da ja sai na danna na tabbatar. Yau na yi kwalba tara. Bakwai sun wuce lafiya. Ɗaya rubutunta Larabci ne, can sai na juya jerin guntayen tunda daga dama ake farawa, ban gama da ita ba. Ta taran ita ce ta ɗaure mini kai: faɗinta santimita 7 a ƙasa, 5 a sama. Layin ƙasa ya fito daidai, na sama haruffan gefensa sun lalace.

Hadiza_Yamai: Domin `R` guda ka ba ta, ita kuwa kowane tsayi da nasa. Auna `hagu` da `dama` a sama da ƙasa, ka bar `R` ya riƙa canjawa daga jere zuwa jere. Abin da ban tabbatar ba shi ne takardar kanta. In madaidaiciya ce aka naɗa a irin wannan jiki, layukan za su riƙa gangarowa yayin da suke zagayawa, tsayin da na ce ka dogara da shi ya tashi aiki. Turo hotuna shidan, da wanda ke nuna inda bakin takardar biyu suka haɗu a baya.

Sani_Garka: Mai shagon ya karɓi kwalbarsa da la'asar. Sai jibi in ya buɗe.